Wakilcin Baki a Taron Ƙungiya

Ranar babban taron ƙungiyarmu ta 'yan kasuwar Nijar a Tamanrasset ta Aljeriya, na tarar da kujeru da yawa wayam. An sanar da kowa da wuri, amma saura mutum ɗaya mu cika adadin da dokarmu ta gindaya kafin a yi zaɓe.

Na miƙe na ce maƙwabcin shagona ya kai kaya garin Silet, ya wakilta ni da bakinsa.

Sakatare ya ce, "Alhaji, ina takardar da ya sa wa hannu? In babu, wanda ya faɗi zai iya sa a soke zaɓen."

Aka ɗage taron sai an sake kira. Maƙwabcin da ke bar mini makullin shagonsa, ranar na kasa ɗaga hannu a madadinsa.