Ruwan Farko a Gonar Aro

Dakata ake ce masa, har yaran unguwa ba su san yana da wani suna ba. Ya samo sunan ne a bakin gona, domin duk shekara idan ruwan farko ya sauka mutane suka ruga da iri, shi sai ya tsuguna ya tona ƙasa da yatsu, ya duba, ya kaɗe hannu ya ce, "A dakata tukuna." Mutum ne marar hayaniya, siriri, mai 'ya'ya huɗu da ɗaki biyu da tsohuwar rediyo da ya ɗaure bayanta da roba don kada batir ya zube. Gonarsa ta gado ta tafi tun jinyar mahaifinsa. Wadda yake nomawa aro ce daga kawunsa, kuma daga cikinta gidan yake ci.

Shi ba boka ba ne, kunne kawai yake da shi. Kafin damina yakan kasa kunne ga hasashen da masu duba yanayi ke bayarwa, sannan ya tare malamin gona ran kasuwa ya yi ta yi masa tambaya har sai malamin ya fara duba agogo. A wannan shekarar abin da suka faɗa bai yi masa daɗi ba. Sun ce ana sa ran ruwa zai leƙo da wuri, amma akwai yiwuwar ya ɗauke na mako biyu ko fiye kafin damina ta zauna. Malamin gona ya ce masa kada ya zuba masara sai an yi ruwa mai nauyi cikin kwana biyu ko uku a jere, laima ta shiga ƙasa kamar tsawon tafin hannu, kuma lokacin da aka yi hasashen zaman daminar ya kama. Irin da ke hannunsa mai saurin nuna ne, jiran mako uku ba zai hana shi kaiwa ba.

Ruwan ya zo da yamma, da iska da tsawa, ya cika kwata, ya jiƙa shanyar matarsa. Gari na wayewa hanyar gona ta cika da mutane. Dakata ya je ya tona. Laimar ba ta wuce gaɓa biyu ta yatsa ba, ƙarƙashinta ƙasa busasshiya ce mai ɗumi kamar toka. Ya dawo gida ya bar buhun irin a rataye.

Bayan kwana biyu kawunsa ya aiko a kira shi. Kawu tsoho ne mai ciwon gwiwa, ya daina riƙe fartanya amma bai daina lissafin gonakinsa daga kan tabarma ba. Dakata ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi.

"An ce mini kowa ya shuka, gonata ce kaɗai a kwance," in ji Kawu.

"Kawu, ruwan bai shiga ƙasa ba. Kuma masu hasashe sun ce zai iya ɗaukewa."

"Zai iya. To, za ka rantse mini zai ɗauke?"

Dakata ya sunkuyar da kai. Ba zai rantse ba, domin su kansu masu hasashen ba su rantse ba. Cewa suka yi ya fi yiwuwa. Akwai shekarar da suka faɗi haka ruwa ya ci gaba abinsa, waɗanda suka yi sammakon shuka suka riga shi cin ɗanyar masara, aka yi ta yi masa dariya har kaka.

"Ka ga ni," Kawu ya ce, "surukina ya zo nan sau biyu yana neman wajen noma. Na ce masa ɗan 'yar'uwata na ciki. Kada ka sa in ji kunya. Idan ran kasuwa ta zo gonar tana nan yadda take, zan san ba ka bukatarta."

A gida matarsa tana tankaɗe ya gaya mata. Ta ajiye rariyar ta dube shi.

"Baban yara, in ka shuka fa?"

"Zai tsiro, sannan rana ta cinye shi."

"In ka ƙi?"

Ya juya ya dubi buhun irin da ke rataye. Can ta tashi ta kwance buhun, ta ɗebi kamar kashi ɗaya cikin uku ta juye a tukunyar ƙasa, ta rufe ta tura ƙarƙashin gado. "Wannan dai Kawu bai gan shi ba," ta ce.

Washegari ya shuka. An sake yayyafi da asuba, wanda ya isa ya ruɗi iri ya farka amma bai isa ya rayar da shi ba. Maƙwabcinsa na gona, wani mai barkwanci da ake kira Dogo, ya ɗaga murya daga kan kunya. "Yau Dakata ya gaji da dakatawa. Ko batir ɗin rediyon ne ya mutu?" Dakata ya yi murmushi don kada a ce ya ji haushi. Bai taɓa jin baƙin ciki a gona irin na ranar ba. Yana jefa ƙwaya a rami yana rufewa da diddige, yana sane da abin da yake yi.

Masarar ta fito, layi-layi, kore shar, har Kawu ya sa aka kai shi a bayan babur ya gani ya sa albarka. Daga nan sama ta washe. Kullum da safe Dakata yana gona, ba don akwai aikin yi ba. Ganyen ya fara naɗewa da tsakar rana yana buɗewa da yamma, sannan ya daina buɗewa. Ya gwada ɗibar ruwa daga rijiya da jarka a kan keke, ya shayar da layi uku, ya ɗaga kai ya dubi faɗin gonar ya zauna a ƙasa. Rediyo kuwa kullum tana tabbatar masa da abin da ya riga ya sani, har ya daina kunna ta. Dogo ma ya daina barkwanci, tasa gonar ta ƙone kamar ta kowa.

A mako na uku damina ta zauna. Aka kwana biyu ana ruwa, ya tona har wuyan hannu bai iske busasshiyar ƙasa ba. Ranar da ya so ya shuka ke nan tun farko. Masu hali suka fito da sabon iri suka maimaita. Shi kuwa ya jawo tukunyar daga ƙarƙashin gado, ya shuka abin da ke ciki a gefen gangare inda laima ta fi daɗewa. Irin ya ƙare, sauran gonar tana kallonsa.

Yana nan tsaye da tukunyar a hannu babur ya tsaya. Kawu ne a baya, surukinsa ke tuƙi. Tsohon bai sauko ba saboda gwiwa. Ya dubi ɗan gefen da aka shuka, ya dubi filin da ya rage, ya girgiza kai cikin tausayi na gaske.

"Gonar ta yi maka yawa bana. Riƙe inda ka shuka, surukina zai sa wa sauran filin iri tun ƙasa na da laima." Ya gyara zama, ya ƙara da cewa, "Amma kai ma da laifinka. Kai da kake jin rediyo, me ya kai ka shuka a ruwan farko?"

Dakata ya ajiye tukunyar. Ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya ce, "Haka ne, Kawu. Allah ya huci zuciyarka."