Shafin da Yaya Sahabi Ya Cire Daga Takardun Kakanmu

Shekara tara ke nan cif da munka kai Yaya Sahabi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ni ba marubuci ba ne. Firamare na gama da ƙyar, sauran rayuwata a kan sitiyari na yi ta, tsakanin Sakkwato da Kaduna, har gwiwa ta ce ta gaji. Da yana raye shi zai rubuta wannan, ni in kai masa takardar gidan jarida. To ba ya nan, kuma ya bar mani wani kaya da na gaji da ɗauka.

Yaya malamin makaranta ne, ya girme ni da shekara goma sha biyar. Abu ɗaya ya cinye masa ƙarshen rayuwa, shi ne sunan kakanmu. Kakan namu hakimi ne a wata gunduma can wajen iyaka, sarautarsa Bunu. Ba zan faɗi sunan garin ba, don akwai masu riƙe da shi yanzu kuma ba su yi mana komai ba. A zamanin yaƙin duniya na biyu anka tuɓe shi, anka dawo da shi birnin Sakkwato, ya zauna a Ƙofar Atiku har ya rasu. Nan anka haife mu. Mun tashi da labari iri biyu. A waje ana ce mana jikokin tuɓaɓɓe, wanda Turawa sunka ce raggo ne. A cikin gida Goggonmu tana cewa ƙarya ne, mutanensa ya ƙi sayarwa.

Da Yaya ya yi ritaya sai ya ce in kai shi Kaduna, inda ake adana tsoffin takardun Turawa. Sau huɗu na kai shi. Ina zaune gefensa yana buɗe fayil, takarda ta yi ja tana marmashewa, yana karantawa yana mayar mani da Hausa. Ranar farko na ji jinina ya hau. Di'o na farko, wato Baturen da ke bisa hakimai, ya rubuta cewa Bunu malalaci ne, mai taurin kai, ba ya riƙe da ƙasarsa. Na biyu haka. Na uku haka, har na biyar. Na ce masa, "Yaya, mu tai gida. Mutum biyar ba su taruwa bisa ƙarya guda."

Ya ce, "Garba, zamna. Mutum nawa ka gani nan?"

Sai ya jera mani takardun a kan tebur. Duk Di'on da za a sauya wa wurin aiki yakan bar wa magajinsa bayanin kowane hakimi. Sabon ya zo, tun bai ga fuskar Bunu ba ya riga ya karanta cewa malalaci ne. In lokacin rahoton shekara ya yi, sai ya ɗauko na bara ya bi layi. Yaya ya sa yatsa ya nuna mani jimla guda da ta fito a takarda uku, ko kalma ba a sauya ba. Ni da ban iya Turanci ba ma na ga zanen iri ɗaya ne. Ashe bakin mutum ɗaya ne, sauran amshi suke yi. Daga nan Razdan, babban Baturen lardi, ya tsamo layi biyu ya tura Kaduna, shi ke nan ya zama tarihi.

Shi kuma na farkon, me ya gani? Rangadi ya kawo shi, kwana uku ko huɗu, ya sauka a bariki bayan gari. Baƙo raɓa ne. Abin da ya ji ta bakin tafinta da masinja ya ji shi, su kuwa suna da waɗanda suke so da waɗanda suke ƙi. Wanda ya zo gaishe shi an zaɓo shi ne. Kuma ma'auninsa guda: haraji da jangali sun shigo kan lokaci? An kawo mutanen aikin hanya? In an kawo, hakimi ƙwararre ne. In ba a kawo ba, raggo ne. Babu layin da aka ware don tambayar ko talakawa sun kwana da yunwa. Yaya yakan ce kowace takarda ka yi mata tambaya uku: wa ya rubuta ki, wa ya gaya masa, kuma me yake nema ga wanda zai karanta? Shi ma Di'o yana da na sama da shi. In aiki bai tafi ba, dole laifin ya sauka a kan wani.

Da wannan idon Yaya ya sake karanta zagin, sai zagin ya koma shaida. Inda Di'o ya yi ƙorafin cewa duk ranar da aka zo ɗibar ma'aikata sai a tarar samari sun tsallaka ƙasar Faransa, wato Nijar ta yanzu, nan ne labarin Goggo ya zauna daram. Ta sha gaya mana cewa Bunu kan aika wata tsohuwa mai tallan fura ta zaga ƙauyuka tana tsegunta wa mutane kwana biyu kafin a zo. Bature bai san da tsohuwar ba, amma ya rubuta sawun aikinta da hannunsa. Ranar nan Yaya ya yi ta dariya a mota har Zariya. Ban taɓa ganinsa haka ba.

A tafiya ta huɗu munka ci karo da shafin.

Shi kaɗai ne a duk fayil ɗin da ya yabi Bunu. Shekarar ɗiban gwamna ce, lokacin da ake kwasar mutane dole zuwa haƙar kuza a Jos. Di'o ya rubuta cewa Bunu ya gyaru ƙwarai, ya cika adadin da aka ɗora masa cikin 'yan kwanaki, ba gudu ba tarzoma. Ni murna na yi. Yaya bai yi ba. Ya ce, "Mutumen da kullum jama'atai ke tserewa, ina yas samo su wanga karo?"

Takarda ba ta faɗa ba, don Di'o kawuna ya ƙirga, bai tambayi na su wa ne ba. Sai munka tafi ƙasar da kanmu. A wani rinji, ƙauyen da zuriyar bayin gidanmu ke noma gandun Bunu, munka sami wani tsoho a gindin bishiyar bedi. Da ya ji ko mu su wa ne, sai ya fara ba mu labari. Ya ce shekarar nan tsohuwar fura ta zaga ko'ina, amma ba ta zo rinji ba. Dogarai sunka zo da hantsi ana tsakar girbi, anka ɗaure mazansu da igiya guda. 'Ya'yan cikin gari ko ɗaya ba a taɓa ba. Sanyin Jos da tari sunka ci wasu a can, cikinsu har da ubansa. Ya lissafa mana sunayensu, yana lanƙwasa yatsu. Bai zage mu ba. Har ruwa ya sa anka kawo mana, abin da ya fi zagi ciwo ke nan.

Shekarar da ta biyo baya Bunu ya sake kasa kawo mutane, anka tuɓe shi. Nadama ce ta kama shi, ko rinjin ne ya ƙare? Ba mu sani ba. Babu takardar da ta sani.

Da munka dawo gida, Yaya ya zare hoton shafin nan daga cikin sauran hotunan takardun da munka ɗauko a Kaduna ya miƙa mani. Ya ce in ajiye sai ya yi tunani. Littafin da yake son rubutawa bai ƙara ɗora masa alƙalami ba. Shekara biyu yana tunani, sai ciwo ya zo. Ina jin haushinsa a kan wannan, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya koya mani cewa Bature ya rubuta abin da ya yi masa daɗi ya bar sauran, shi ne ya zo ya yi irin nasa. Laifi tudu ne. Amma ni da na ci gaba da riƙe shafin shekara tara bayan rasuwarsa a ƙasan akwati, me zan ce?

Yanzu ɗiyarsa Luba ta girma, tana koyarwa, tana kuma neman digiri na biyu a fannin tarihi, a kan Bunu take rubutu. Watan jiya ta same ni a shagon kayan mota da nake zama a Tudun Wada, da takardun ubanta a hannu. Turawa kan sa lamba da fensir a kusurwar kowane shafi na fayil. Ta ce, "Baffa, lamba ta yi tsalle nan. Ina guda ta shiga?" Ɗiyar ubanta ce, ba ta san dabarar kawar da kai ba.

Na ɗauko shafin na ba ta. Ta karanta a tsaye, fuskarta ta washe. Ta ce, "Alhamdu lillahi! Ga ko guda da yay yi mai adalci. Baffa, mi ya sa Baba ya ɓoye wanga?"

Na ce ban sani ba.

Mako uku na yi da wannan ƙarya a bakina. Ku duba yadda abin yake. Tsohon rinji ya rasu, Yaya ya rasu, Goggo ta rasu. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda sunka ji maganar nan. In na yi shiru, Luba za ta rubuta cewa ko Turawa sun shaidi ƙwazon kakan ubanta, malamanta su sa hannu, don takarda ce mai lamba, ba maganar direba ba. 'Yan uwa za su ji daɗi. Ni ma ina da 'ya'ya, kuma na san zafin a kira ka jikan tuɓaɓɓe. Na yi ta tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga ɗiyarsa na shirin kafa hujja da shafin da ya hana shi barci. Ina jin kunya ce za ta kama shi, ba tawa ba, tasa. Abin da ya rage na Yaya a duniya ba littafi ba ne, don bai gama shi ba. Taurin kan nan ne na ƙin yarda da magana don kawai ta yi maka daɗi. Ya kasa kai shi ƙarshe, amma ya bar shi a jinin ɗiyarsa, kuma ni ba ni da ikon in yaudare shi.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko masallaci, na je gidanta na gaya mata duka, har da igiyar. Ba ta yi kuka ba. Ta jawo littafinta ta buɗe sabon shafi. Ta ce, "Baffa, sunayen da tsohon ya lissafa, faɗa mani."

Na rufe ido na nema. Yatsun tsohon nake gani, duka hannu biyu sun lanƙwashe. Shekarun da munka kwashe muna shiru, ni da Yaya, sun cinye sauran. Biyu kawai na iya kamowa, Nomau da Tanko. Ta rubuta su.