Ranar da littafina da takardar banki suka saɓa

Shekara uku na yi ina sakatariyar kuɗi ta ƙungiyar malaman makarantarmu a Liman Abaji. Muna haɗa kuɗi mu sayi masara da kaka, mu sayar idan ta yi daraja. Ni ke rubuta shige da fice a littafin kuɗi. Ma'ajinmu kuwa tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa, shi ke riƙe da littafin cek.

Wata Asabar, a taron wata, na karanta cewa muna da naira dubu 900. Sai malamin lissafi, wanda ya karɓo takardar bayanin asusu daga banki, ya ɗaga ta sama. Dubu 666 ke ciki.

"Baba, ina dubu 234?" in ji shi.

Ajin da muke taron ya kaure da surutu. Daga baya wani ya ce ɓarawo, da ƙarfi, yadda kowa zai ji. Baba ya cire tabarau. Mutumin da ya koyar da rabin masu zama a ajin nan! Raina ya ɓaci, amma ba zan ɓoye ba, ni ma zuciyata ta ɗarsa zargi.

Na ce, "A ba mu zuwa la'asar. Littafi da banki ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Akwai abin da muka sani banki bai sani ba tukuna, akwai wanda ya sani mu ba mu sani ba."

Aka bar mu a ofis, ni da Baba da malamin lissafin, wanda ya zauna bakin ƙofa kamar za mu gudu. Baba na karanta takardar banki layi-layi, ni ina sa alama a duk wanda na gani a littafi. Abin da ya rage ba alama shi muke nema.

Muka fara da abin da banki bai sani ba. Cek ɗin dubu 300 na wani mai sayen masara mun kai shi ranar ƙarshe ta wata, ga rasitin banki, amma na wani banki ne, bai shiga ba sai da sabon wata ya kama, takardar bankin kuwa a ƙarshen wata ta tsaya. Muka ƙara shi a kan dubu 666. Akwai kuma cek ɗin dubu 50 da muka ba wani manomi a Agwada. Na cire a littafi tun ranar, shi kuwa bawan Allah yana can gona da takardarsa a aljihu, bai je ya karɓa ba. Muka cire. Ɓangaren banki ya tsaya a dubu 916.

Sai abin da ni ban sani ba. Cajin banki, na saƙon waya da na kula da asusu, ya kai dubu 8. Na cire daga littafi. Ga kuma dubu 60 da suka shigo da sunan da ba mu taɓa ji ba. Waya uku muka buga kafin mu gane wata malama ce da aka mayar Gitata ta turo nata kason kuɗin ƙungiya ta hannun mai POS, sunansa ne ya fito, ita kuma ba ta faɗa wa kowa ba. Na ƙara. Littafi ya ba da dubu 952.

Malamin lissafi ya ce, "Saura dubu 36."

An fara kiran sallah. Gumi ya jiƙe min mayafi. Baba ya kalli lambar, ya ce a hankali, "'Yata, tara tana raba talatin da shida daidai. Irin wannan bambancin ke fitowa idan an juya lamba, duba ki gani."

Na koma kan guntayen da ke saura a littafin cek bayan an yage cek. Kuɗin buhuna da mota, dubu 95, banki ma 95 ya biya. A littafina, da rubutun hannuna, 59 na sa. Ashe lokacin da Baba ya karanto shi na ɗora alama ban duba da kyau ba. Na cire dubu 36, littafi ya sauka kan 916, daidai da banki.

Da aka dawo taron na miƙe na yi bayani ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen na ce laifina ne. Ina jiran zagi, sai aka fashe da dariya.

"Haba Malama, ai kuskure ne, kowa na yi," in ji wanda ya ce ɓarawo ɗazu.

Wannan dariyar ta fi zagi ƙona min rai. Babu wanda ya juya ya ba Baba haƙuri, har an shiga maganar farashin masara. Baba ya tashi ya ajiye littafin cek a kan tebur, ya ce a nemi wani. Na bi shi har bakin get ina cewa ya yafe min.

Ya ce, "Ke lamba kika juya. Amma da aka ce ɓarawo na duba fuskarki, 'yata. Ba ki ce a'a ba."

Ya tare mai mashin ya hau, suka tafi.