Baƙin da ya ɗiga cikin kirem

Babana kuku ne, kuma ba ya son a ce masa boyi. In ka ce masa boyi zai dube ka shiru har sai ka ji kunya ka gyara bakinka. Daga Damagaram ya zo Yamai tun yana saurayi, ya yi ta girki a gidajen Anasara na unguwar Filato har furfura ta cim masa. Mu kuwa a Yantala muke zaune, kullum yakan fita bayan asuba da farar rigarsa a naɗe cikin jarida, don kada ta ɓaci a hanya.

Gidan da ya fi daɗewa na wani Anasara ne mai aikin hanyoyi. Da aka samu mulkin kai mutumin ya tattara ya koma ƙasarsu, gwamnati ta ba wani ma'aikacinta gidan, ɗan Tawa, mai fara'a, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu ba. Ya gaji kujeru, ya gaji firigo na sanyaya abinci, ya gaji Baba, ya kuma gaji injin kwaɓa. Batar Baba ke ce wa injin. Abu ne mai nauyi kamar turmi, da kai mai lanƙwasowa bisa kwanon ƙarfe, in aka sa masa kuran, wato wutar lantarki, sai maburkinsa ya riƙa zagaya kwanon yana buga ƙwai ko kwaɓin gato, wato kek. A lokacin ni na fara koyarwa a lakkwal, makarantar boko, ina tsokanarsa da cewa ya fi son batar da mu 'ya'yansa. Sai ya ce ai batar ba ya mayar masa da magana.

Sabon gidan ba gidan gato ba ne. Tuwo ake ci da shinkafa, kuma madam da 'yan uwanta mata sun iya tuƙa abinsu ba tare da kowa ba. Baba ya gane haka tun makon farko. Abin da ya rage masa shi ne ranar baƙi. In maigida zai tara abokan aikinsa na biro, ko wani babba zai zo, sai a ce a kira tsoho ya yi irin na Anasara. Ranar nan ake yaye ƙyallen da ke rufe da injin, Baba ya ɗaura farin bantensa na aiki, mata su taru a bakin ƙofa suna kallon farin ƙwai yana tashi. Ya sha faɗa wa Inna cewa shi da injin nan igiya ɗaya ta ɗaure su, ranar da aka ce ɗaya ya mutu ɗayan ma sai ya nemi hanyar gida. Muna jin haka muna dariya, ba mu san da gaske yake ba.

Tsakanin baƙi da baƙi injin yakan yi watanni a rufe, cikin ɗakin girkin da in bazara ta yi ko ƙadangare ba ya son shiga. Wani lokaci kuma, in Baba ba ya nan, matan sukan ɗauko shi su ɗora masa kwaɓin alkaki mai tauri, wanda ko hannun ƙato sai ya gaji da shi. Ba mugunta ba ce, sun ga abu yana aiki ne suka ce bari ya rage musu wahala.

Na fara jin ƙarar ne wata ranar Lahadi da na biya in kai masa saƙon Inna. Da can injin gurnani yake yi a hankali. Ranar nan sai na ji kamar ana tauna tsakuwa a cikinsa. Na ga Baba ya tsayar da shi, ya ciro wani ɗan tsumma daga aljihu ya goge wuyan inda maburki ke shiga, tsumman ya fito baƙi.

Na ce, "Baba, wannan fa ba lafiya ba. A kai shi a duba mana."

Ya ce, "Tsufa ne. Ni ma in na tashi gwiwata na ƙara, wa ya kai ni aka buɗe?"

"To ka gaya wa maigidan."

"Ke dai je ki koya wa yaranki abese. Kada in ji maganar nan a bakinki."

Ban sake ba. A gidanmu in Baba ya rufe magana ta rufu.

Sai madam ta haihu, aka sa ranar suna. Uwar maigida ta zo daga Tawa, hajiya ce mai carbi da ido kamar na shaho, wadda tun zuwanta ba ta ga dalilin da namiji baƙo zai riƙa taɓa abincin ɗanta ba. Da rana aka yi na gargajiya, da yamma kuma za a yi na 'yan biro, aka ce Baba ya yi babban gato mai farin kirem. Inna ta je taya aiki, ita ta ba ni labarin abin da ya faru. Injin ya yi ta aiki tun hantsi har kansa ya yi zafi. Ana cikin buga kirem sai wani baƙin ruwa ya gangaro ta jikin maburki ya ɗiga a ciki, maburkin ya ja shi ya yi zare a cikin farin. Baba ya kashe injin da sauri, ya sunkuya da cokali yana kwashewa, baƙin tsumman nan a ɗaya hannun. A haka hajiya ta shigo ta same shi.

Ta leƙa kwanon, ta dubi tsumman, ta dubi layar da ke wuyan Baba. Ta ce, "La ilaha illallahu. Tawada! Rubutu kake zuba wa ɗana?"

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san kamar rubutun sha in an wanke allo. Baƙin nan kuwa ya yi kama da shi, ba na jin haushin tsohuwar a kan wannan. Kafin a ce me, magana ta zagaya tsakar gida da Hausa da Zabarmanci, wai kuku na mallake maigida don kada a kore shi.

Maigidan ya ja Baba gefe. Mutumin kirki ne, ko a ranar bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba, gaya mini gaskiya, mene ne wannan?"

Baba ya ce, "Wallahi ban zuba komai ba."

"To daga ina ya fito?"

Nan ne abin ke ci mini rai har yau. Kalma ɗaya ce za ta fid da shi, ya nuna wuyan injin ya ce ga inda ya fito. Sai ya yi shiru. A lissafinsa, in ya ce injin ya lalace za a jefa shi a mangaza cikin tarkacen ajiya, kuma gidan da ba injin ba ya bukatar kuku. Ya zaci zargi zai wuce kamar hadarin kaka. Shirun nan kuwa shi hajiya ta riƙe a matsayin shaida. Bayan suna maigidan ya ce masa ya ɗan huta tukuna sai an neme shi, kowa kuma ya san ma'anar hakan.

Filato ƙaramin wuri ne, kukawa duk sun san juna, matan manya ma haka. Baba ya zagaya gidaje da farar rigarsa a naɗe, ko'ina a ce masa an riga an ɗauki wani. Mutumin da ko gishiri ba ya ɗanɗanawa da cokalin miya sai ya wanke, shi ne aka wayi gari ana nuna shi da baki. Na yi fushi har na ce zan je in faɗa musu da kaina, ya rantse in na je ba ni ba shi. Daga baya ya koma Gudal, wajen wani amininsa Bazabarme mai garka a bakin kogi, yana taya shi ban ruwan salati da kabeji.

Injin ne ya yi maganar da Baba ya ƙi yi. Bayan hajiya ta koma Tawa, madam ta ɗauko shi da kanta za ta gwada gato, baƙin ya ɗiga mata, ba Baba ba dalilinsa. Ta ci gaba, injin ya yi ƙara mai ƙarfi, sai motar da ke juya shi daga ciki ta ci gaba da kuka amma maburki ya tsaya cak. Maigidan ya aiko a kira ni, don kunyar Baba ta hana shi aika masa. Tare muka kai injin wajen wani mai gyaran keken ɗinki da fanka a Yantala.

Mai gyaran ya kwance kan injin muna tsaye. Ciki cike yake da giris, amma ya rabu biyu, mai ya tsiyaye ya taru a ƙasa, sauran ya daskare ya yi baƙi a gefe, nesa da inda ake bukatarsa. Ya ce zafi da dogon ajiya ke raba shi haka, man ya nemi hanya ya bi ta wuya ya sauka cikin kwano. Ya murza ɗan kaɗan a yatsa ya nuna mana yana ƙyalli, ya ce garin ƙarfe ne, shi ke ƙara baƙanta shi. Sannan ya ciro wata 'yar ƙafa mai haƙora da yake kira pinyo. Haƙoranta na gefe ɗaya sun cinye sumul. Ya ce da gangan ake yin ta da abu mai laushi, don in kaya ya yi nauyi ita ta fara mutuwa ta ceci motar injin. Amma an bar ta tana gurzar 'yan uwanta a bushe har su ma sun ci, sandar da ke riƙe su ta yi lako-lako.

Maigidan ya tambaye shi yaushe ya kamata a ce an kawo shi. Ya ce ranar da aka fara ganin mai a wuya, ko aka ji murya ta sake. Da sai a kwashe tsohon giris, a wanke, a cika da sabo irin wanda ba ya cutarwa in ya taɓa abinci, ba na mota ba. Yanzu kuwa sai an aika Abijan ko Dakar neman kayan, in ma ana samun irinsu. An aika. Ba su zo ba.

Maigidan ya je Gudal da kansa, ni na raka shi. Ya tuɓe takalmi a bakin garka, ya durƙusa ya nemi gafara, ya ce zai gaya wa duk wanda ya ji maganar farko. Ya cika alkawari kuwa. Baba ya ce ba komai, Allah ya yafe mu baki ɗaya. Ya tambayi lafiyar jaririya. Na ga yana jira, maigidan ma ya ga yana jira, amma bai ce masa ya dawo ba. Me zai dawo ya yi? Maigidan ya sa takalminsa ya tafi wajen mota.

Baba ya ɗauki bokitinsa, sai ya tsaya bai juyo ba. Ya ce, "Kin ga cikin injin da idonki?"

Na ce na gani.

"Da na kai shi tun ranar da kika ce, da ya gyaru?"

Na so in ce masa a'a. Amma bai taɓa koya mini yi masa ƙarya ba. Na ce, "Mai gyaran ya ce aikin yini guda ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya gangara kogi ya ciko bokitin, ya zo ya zuba wa kwamin salatin da ya riga ya ba ruwa.