Maki Hamsin Da Takwas

A sashen masu taɓin hankali Anti Lamba ake kiranta, kuma ba don yabo aka laƙaba mata sunan ba. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana jinyar masu karaya kafin ta koma makaranta ta karanci halayyar ɗan Adam, sai ta dawo da ɗabi'ar wancan sashen: kome ka gaya mata sai ta ce, "Nawa?" Mijinta ma ya daina cewa ya kusa isowa gida, sai dai ya ce saura minti goma sha biyu. Ofishinta tsohon sito ne a ƙarshen baranda, kujera biyu da teburi mai gurguwar ƙafa da aka tokare da fayil.

Shugaban sashen kuwa ofishinsa har da labule. Takardun shaida tara ne a bangonsa, ta ƙirga, huɗu daga ciki na halartar taron kwana biyu ne. Mutum ne mai taushin murya da son kalmar "sannu a hankali", wanda idan ya gama magana sai ya ɗan dakata ko za a tafa.

Wata Talata ya turo mata fayil ɗin wani mai walda, ya ce aiki ya yi masa yawa. Ta buɗe. Wata goma sha huɗu mutumin yana zuwa. Tankin mai ne ya fashe a garejinsu, yayansa ya mutu a gabansa, shi kuma tun ranar bai sake taɓa walda ba. A gurbin manufar magani Shugaba ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa: "Majiyyaci zai samu natsuwa." Bayan wata uku: "A ci gaba." Bayan wata shida: "Ana samun ci gaba." Ta juya shafin ko akwai wani abu a baya. Babu. Ta ja tsaki har mai shara ta leƙo.

Mai waldan ya zo da matarsa, ya zaɓi kujerar da ke kallon ƙofa. Ƙato ne, hannuwansa duk tabon tartsatsi, amma da aka saki tire a baranda sai da ya miƙe tsaye.

"Malam, me kuke yi da Shugaba in ka zo?"

"Hira muke yi, Likita. Yakan ce in daina tunawa."

"Ka daina?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta fara da abin da ba a tambaye shi ba a wata goma sha huɗu: ko yana tunanin kashe kansa, ko yana shan wani abu don ya samu barci. Ya ce a'a ga duka biyun. Sannan ta ɗauko takardar tambayoyi ashirin da ake auna ciwon firgici da ita, kowace tambaya daga sifili zuwa huɗu. Ya samu hamsin da takwas cikin tamanin. Mugun mafarki dare biyar a mako. Titin garejin kuwa zagaye shi yake yi, ko da zai ƙara tafiyar rabin awa.

"In an ce ka warke, me za a gan ka kana yi?"

Ya ce, "In riƙe walda. In ci abinci da yarana ba tare da na daka wa kowa tsawa ba."

A kan wannan suka rubuta shirin, shi da ita. Zama goma sha biyu, ɗaya a mako. Makin ya sauka ƙasa da talatin da uku a zama na ƙarshe, a riƙa aunawa duk mako. Mafarkin ya koma dare ɗaya ko babu, matarsa ce mai yin alama a kalanda. Cin abinci da yara ba tsawa, sau biyar a mako. Suka jera matakai takwas na abin da yake gudu, daga tsayawa a bakin titin garejin har zuwa riƙe walda minti ashirin, kowane mataki ya ba shi makin tsoro daga sifili zuwa ɗari, zai yi ta maimaita shi har tsoron ya ragu da rabi. Daga zama na uku zai riƙa ba da labarin ranar da bakinsa, a ɗauka a waya, ya saurara a gida kullum. A zama na shida a duba shirin gaba ɗaya.

Shugaba ya karanta a taron sashe yana murmushi. "Anti, ɗan Adam fa ba buhun siminti ba ne da za a ɗora a sikeli."

"Haka ne, Yallaɓai. Natsuwar da aka rubuta bara, ta yaya za mu gane ta iso?"

Ya ce tambaya ce mai kyau, ya wuce batu na gaba.

A zama na shida makin ya tsaya a hamsin da huɗu. Shugaba ya tare ta a baranda da fuskar ta'aziyya, a ransa kuwa daɗi kamar ya kashe shi. "Na ji lambobin sun ƙi tafiya. Sannu a hankali dai." Ta ji kamar ta maka masa fayil ɗin, amma lambar ba ƙarya ta yi ba, kuma ita ce ta sa ta koma ta bincika. Matakan titi yana yin su. Sauraron labarin ne bai taɓa yi ba, matar tana ɓoye wayar don tausayi. A labarin ma kullum yana tsallake wuri ɗaya, daga "na ajiye walda" sai "na ji ƙara".

"Malam, me ya faru a tsakani?"

Ya ce, "Ni ya kamata in yi aikin. Na ce Yaya ya riƙe mini, zan sha ruwa. Ni na kashe shi."

"Cikin ɗari, nawa ka yarda da haka?"

"Casa'in da biyar."

Kunya ta kama ta, don makonni uku tana jin tsallaken ba ta tsaya a kansa ba. Ta rubuta hakan a fayil da hannunta, ta ƙara manufa ɗaya: wannan yardar ta sauka ƙasa da talatin. Ta zaunar da matar ta yi mata bayanin dalilin sauraron. Ta ƙara zama huɗu. Makonnin da suka biyo baya suka bi maganar dalla-dalla: wa ya ce an wanke tankin, me ya sani a lokacin, me ya sani sai daga baya, sau nawa a shekara ashirin suka karɓi aiki daga hannun juna.

A zama na goma sha shida makin ya kai ashirin da tara. Yardar ta sauka zuwa ashirin da biyar. Ya haɗa ƙafar wani benci, minti ashirin da biyar yana walda, ya kawo mata hoton. Abinci da yara kusan kullum. Mafarki kuwa har yanzu dare biyu a mako, don haka ta rubuta "ba a cimma ba" a layin mafarkin, ta sa ranar dubawa bayan wata ɗaya.

Shugaba ya nemi ta gyara wannan layin kafin ya kai shirin taron asibitoci a matsayin sabon tsarin sashensa. Ya ce yana ɓata kyan takardar. Ta ce in ya goge, zai goge da sa hannunsa. Ya tafi da shi a haka, ya karanta shafin farko da na biyu, lokaci ya ƙure kafin ya kai na uku, inda layin yake.

Ita ba ta je taron ba. Ranar tana da majiyyata shida, ta farkonsu wata malamar makaranta ce da ta kasa shiga mota tun watan biyu na shekarar.