Tambaya ta goma sha huɗu

Duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa zama horo a Potiskum ya san hannun Malam Abdulbaƙi, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne mai haɗa tambayoyin da ake raba wa mutane ranar ƙarshe, lokacin da kowa ya gaji ya ƙagara ya tari Keke Napep ya koma gida. A unguwar Hausari aka haife shi, ya yi shekara goma sha ɗaya yana koyar da 'yan firamare, sannan ya koma ofishin lafiya saboda ya iya kwamfuta. Har yau halin malanta bai sake shi ba. Ko takardar gayyatar biki ka miƙa masa, sai ya nemo inda aka ci gyara kafin ya tambayi ranar ɗaurin aure.

Ga yadda yake aikinsa. Madam Ursula, mai ba da horon, za ta turo masa silaid, wato shafukan da take haskawa a bango da majigi. Shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi abin da bai kamata ma'aikaci ya manta ba, ya mai da shi tambaya mai zaɓi huɗu, daga A zuwa D. Ba ya tambayar abin da ba ya cikin silaid. Amsoshin ƙaryar ma sai ya yi musu kwalliya yadda za su rinjayi wanda ya yi gyangyaɗi a aji. A ƙarshe ya buga takardar amsoshi daban, kowace amsa da lambar silaid ɗin da ta fito a gefenta. Yana alfahari da wannan lamba sosai, yakan ce duk mai gardama ya je ya yi da silaid.

A horon rigakafi na bara ya haɗa tambaya ashirin, aka ce sai mai sha huɗu ya ci. Wanda ya gaza za a janye shi daga teburin allura har horo na gaba, bayan wata shida. Da ya gama, sai ya lura amsar B ta yi yawa, har biyar a jere. Wannan ba ya yi masa daɗi, don mai canka zai iya wucewa da sa'a kawai. Sai ya jujjuya zaɓin wasu tambayoyin, yana gyara takardar amsoshi a bayansu. Yana kan ta goma sha huɗu aka kira sallar Azahar. Tambayar tana cewa: kwalbar rigakafin ƙyanda da aka haɗa da ruwanta, yaushe ake zubar da ragowarta? Amsa a silaid na talatin da ɗaya ita ce bayan awa shida, ko kuwa da zarar an tashi aikin ranar, duk wanda ya riga. Ya ɗauke ta daga B ya kai ta D, ya sa “washegari” a B, ya tashi ya yi alwala. Da ya dawo, ya wuce ta sha biyar abinsa.

Shi ya yi makin da kansa, takarda arba'in da biyu, idonsa a kan haruffa kawai. Mutum ɗaya ce ta faɗi: Ya Kaka, mai allura a wani ƙaramin asibiti a Dogo Nini, ta sami sha uku. Shekara ashirin da takwas tana wannan aiki. 'Ya'yan Abdulbaƙi uku duk ita ta yi musu allura, kuma duk ranar kasuwar shanu matan Fulani sukan tsaya jiran layinta ko da na kusa da ita babu kowa. Aka mai da ita teburin kati, tana rubuta suna da kwanan wata.

Kwana uku da fitar sakamako, yana jera takardun a fayil, idonsa ya faɗa kan tata. Ta zagaye D da jan layi mai kauri, ga gicciyen kuskure da ya sa mata a kai. Ya buɗe silaid na talatin da ɗaya. Ya buɗe takardar amsoshi, ga B zaune inda ya bar ta. Ya ji kunya ta rufe shi tun ba wanda ya gani.

A nan ne ya kamata ya miƙe ya ƙwanƙwasa ƙofar Madam Ursula, taku goma ne tsakani. Bai yi ba. Ya sake duba sauran takardun, ya ga mutum biyu ne kacal suka zaɓi B, kuma ko an cire musu makin sun wuce. Ba a mayar wa kowa takardarsa ba, saboda haka ba wanda ya tafi da kuskure a kai. Da wannan ya riƙa lallashin kansa. Gaskiyar maganar, tsoro yake a ce mai gyaran kowa ya kasa gyaran nasa. Ya ce gobe, goben ta zo ya ce bari Madam ta dawo daga Damaturu. Ta dawo, ya gaishe ta da gajiyar hanya, ya koma kujerarsa. Abinci ya daina yi masa ɗanɗano, ya kuma daina bi ta Dogo Nini ko da zagayen ya fi nisa.

Sai a kwana na goma sha biyu da fitar sakamako ya shiga ofishin Madam da takardun uku a hannu. Ta duba, ta cire tabarau.

“Malam Abdul, yaushe ka gano wannan?”

Ya faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta gyara makin Ya Kaka zuwa sha huɗu, ta sa hannu, ta ce, “Ni zan kira mutum biyun nan in tuna musu awa shida. Wannan kuwa kai za ka kai mata da ƙafarka.”

Ya tarar da Ya Kaka a teburin kati, mata sun watse. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙa takardar, ya yi bayani tiryan-tiryan, har da sallar Azahar, ko da yake yana faɗa ya ji bai kamata ya sako sallar ba. Ta daɗe tana kallon jan layinta.

“Wato na ci kenan, ɗana?”

“Kin ci, Mama. Laifina ne. Ki yafe mini.”

“Na yafe. Hannu yana kuskure, ni ma nawa ya taɓa yi.” Ta ninke takardar. “Ni ai na ɗauka kan ne ya tsufa. Na ce wadda ta fara mantuwa ba ta da hurumin riƙe cinyar jariri. Shi ya sa na rubuta takardar ajiye aiki, na kai sakatariya ran Litinin.”

Ya ce zai bi takardar, zai roƙa a dawo da ita, ai ba ta yi nisa ba. Ta girgiza kai, ta ce ta riga ta sallami matanta, ta nuna musu layin Fauziyya, wadda aka ba teburin allura, kuma ba za ta koma ta ce musu wasa take ba. Sai ta ɗago ta dube shi, ba da fushi ba.

“Yau ka gani?”

Ƙarya ta zo masa har bakin leɓe, ya haɗiye ta.

“Kwana tara kenan, Mama.”

Ta ƙirga da yatsu a hankali, tana komawa baya, ta wuce Litinin, ta ci gaba da ƙirgawa. Ta dubi agogon bango, ta miƙe ta leƙa ɗakin allura.

“Fauziyya, ƙarfe tara kika haɗa kwalbar nan. Uku ta yi, zubar da ita.”