Goggon Kaset da Ƙofar da Ba Ta Yi Ƙara Ba

Kafin ma'aikatan labarai su fara shigowa da safe, Goggon Kaset ta riga ta sauka ɗakinta da ke can ƙarshen baranda, bayan ɗakin injiniyoyi. Abu na farko da take yi shi ne ta ɗora tafin hannu a kan na'urar sanyaya ɗaki ta ji ko ta kwana tana aiki, domin zafi da laima su ne maƙiyan kaset. Daga nan sai ta bi kantoci da tsumma, ta zaro wannan ta shinshina, ta ɗaga wancan ga haske ta duba ko fumfuna ta kama shi. Sai ta gama wannan take zuba shayinta, shi ma a bakin ƙofa take sha, don ba ta yarda ruwa ya ƙetare dokin ƙofar nan. Ko shugaban tasha ya zo da kofi a hannu, a waje yake ajiye shi.

A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ni da na yi shekaru ina tace labarai a tashar talabijin ɗin nan, na ga bai kamata ta fita shiru kamar yadda ta zauna shiru ba.

Tun tana budurwa aka ɗauke ta aikin duba shirye-shirye kafin a sa su. Kowane kashi na kowane wasan kwaikwayo, na gida da na waje, sai ya bi ta idonta, ta tabbatar hoto bai yage ba, murya ba ta ɗauke ba. Mu muna kallo don nishaɗi, ita tana kallo da idon mai neman aibi, shi ya sa abin ya zauna mata. A jikin kaset kuwa sunan wasa da lambar kashi kawai ake rubutawa, babu wanda yake rubuta abin da ya faru a ciki. Wanda ya manta suna, ya manta 'yan wasa, ya manta shekara, kantocin nan ba su da amsar da za su ba shi. Sai Goggo.

Masu zuwa wurinta da guntun labari suna da yawa. Wani musu ya yi da abokinsa, wata kuma abin ne ya tsaya mata a rai. Goggo takan yi dariya ta ce, "Kowa zai ce mini a wasan da yake nema, wanda ya mutu ne ya dawo. Matattun da suka dawo a ɗakin nan sun fi ma'aikatan tashar yawa." Amma akwai zuwa ɗaya da na gani da idona, shi nake so in ba ku.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta zo da mahaifiyarta, tsohuwa mai sanda, wadda mantuwa ta fara kamawa. Ni na rako su daga wurin masu gadi. Nas ɗin ta yi bayani murya ƙasa-ƙasa. Mahaifinta direban tasi ne, ya rasu a hatsarin mota mahaifiyarta tana da cikinta, ba a haife ta ba. Hotonsa ɗaya ne a gidan, shi ma ya koɗe. Kwanan nan ne tsohuwar ta fara maimaita wata magana da ba ta taɓa yi ba, wai masu wasan talabijin sun taɓa hayar motarsa, har suka sa shi a ciki ya yi magana.

"Goggo, ban taɓa jin muryarsa ba," in ji nas ɗin. "Umma kuma kullum abin ƙara zame mata yake. Ba ta san sunan wasan ba, ba ta san kowa a ciki ba. Abu ɗaya ta riƙe."

Goggo ta jawo wa tsohuwar kujera, ta zauna daf da ita. "Yaya, ba ni shi yadda yake a ranki. Ko ya zo a karkace, kada ki gyara."

Tsohuwar ta ce a wasan, wani mai gida ne jirgin ruwa ya nutse da shi, aka yi makokinsa aka gama. Ashe bai mutu ba. Ya dawo da gemu da tabo a fuska, ya kama aikin gadi a gidansa na kansa, ba wanda ya gane shi, sai matarsa daga baya.

Na zaci Goggo za ta fara jero sunayen wasanni. Ba ta ambaci ko ɗaya ba. Daga baya ta gaya mini dalili: idan ka miƙa wa mai mantuwa suna, zai karɓa don ya faranta maka, daga nan kuma ka ɓata shaidarka da hannunka. Sai ta ce, "Da me aka gane shi, Yaya? Fuska ce, ko murya, ko wani abu ya yi?"

Tsohuwar ta murza kan sandarta. Can ta ce, "Ƙofa. Ƙofar gidan tana da ƙara, kowa ya rufe sai ta yi kuka. Shi kuwa ya sa gwiwa ya ɗaga ta, ta rufu shiru."

Na ga yatsun Goggo sun daina motsi a kan cinyarta, amma fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta ci gaba da tambaya. A ina kika kalla? A ɗakin maƙwabciya. Mai launi ne? Baƙi da fari ne. Goggo ta ce wannan ba hujja ba ce, wataƙila akwatin maƙwabciyar ne marar launi. Da ciki kike ko da goyo? Da ciki, ya tsufa. Nan ta juya ga nas ɗin ta tambayi shekarar haihuwarta, ta samu lokacin da tsohuwar ta kasa ba ta. Ta kuma tambaya ko bakin 'yan wasan yana tafiya daidai da maganarsu. Tsohuwar ta ce a wurin ƙofar dai yana tafiya, a wurin jirgin kuwa kamar ba ya tafiya.

"To, wasa biyu kika haɗa, Yaya, kuma ba laifinki ba ne," in ji Goggo. Ta bayyana mana cewa a wannan zangon tashar tana sa wani wasan ƙasar waje da aka ɗora wa murya, a cikinsa ne jirgi ya nutse da wani attajiri, ya dawo a matsayin mai ban ruwan furanni. Ranar da ke biye kuma ake sa wani na gida, inda mai gida ya ɓace a gobarar masana'anta. Mutum ya kalli biyun a ɗaki ɗaya, a kan tabarma ɗaya, shekaru suka bi ta kai, dole su narke su zama ɗaya. Babban abin mamakin, dawowar mamaci, na kowa ne. Ƙaramin abin da ya tona asirin, gwiwa da ƙofa, shi ne na wasa ɗaya tak.

Duk da haka ba ta saki jiki ba, domin akwai inda labarin bai hau ba. Ta ce, "Yaya, wadda ta gane shi, tana kallonsa ne lokacin da ya rufe ƙofar?"

"A'a," in ji tsohuwar da sauri. "Baya ta ba shi. Tana zaune a tsakar gida, sai ta ɗaga kai haka, kamar mai saurare." Sai ta dafe ƙirji. "Ba matarsa ba ce. Uwarsa ce. Makauniya ce!"

Goggo ta sauke numfashi. Wannan take jira, kuma ta bar shi ya fito daga bakin mai shi. Sai a lokacin ta faɗi sunan wasan. Tsohuwar ta girgiza kai ta ce ba ta taɓa jin sa ba. Goggo ta ce ba komai, sunan ma bai shafi ƙofa ko gadi ba.

Nas ɗin ta miƙe, tana so a sa kaset ɗin nan take. Goggo ta riƙe hannunta. "'Yata, na gane wasan, amma ban ce mahaifinki yana ciki ba, ban kuma ce kaset ɗin yana da rai ba. Ku je gida. Ba zan kira ku ba sai na gani."

Ta san irin wannan tonon asiri a ƙarshen kashi ake ajiye shi, kuma can wajen ƙarshen wasan, don haka daga baya ta faro tana dawowa. Kaset ɗin da take nema ya manne, fumfuna ta yi masa fari. Ta buɗe shi, ta bi zaren a hankali tana gogewa, ta lallaɓa tsohon injin da injiniyoyi suka daɗe da cewa a jefar. Da hoto ya fito, ta kwafe shi a zagayen farko, don ba ta da tabbacin zaren zai jure na biyu.

Ranar da suka dawo, mu huɗu ne a ɗakin. Mai gadi ya sa gwiwa, ƙofa ta rufu shiru, makauniya ta ɗaga kai ta kira sunan ɗanta. Kafin ya amsa, sai aka ji hon a waje. Tasi ce ta kawo baƙo. Direban ya leƙo ta taga, siririn saurayi mai wushirya, ya ce, "Mai gadi, buɗe mana, baƙonku ya gaji." Daga nan kiɗan rufewa ya tashi.

Maganarsa ke nan duka. Nas ɗin ta toshe baki da hannu biyu. Tsohuwar kuwa ba ta yi kuka ba. Ta ce an ɗauki wasan yana da rai, aka sa shi bayan ya rasu. Ranar nan maƙwabciya ta ja ta kallo don ta ɗebe mata kewa, ba wanda ya san zai fito. Da ta gan shi ta tashi ta fice, ba ta sake kallon wasa ba. Shi ya sa ƙofar ce abu na ƙarshe da ta riƙe.

"Ga babanki nan," ta ce wa 'yarta. "Haka yake magana, kamar ana korarsa."

Nas ɗin ta yi dariya cikin hawaye, ta ce, "Goggo, a sake." Goggo ta mayar da kwafin baya, ta sake, ta kuma sake, ba ta ce ya isa ba har sai da su suka ce. Tsohuwar yanzu ba ta gane mutane sosai, amma nas ɗin ta gaya mini 'ya'yanta sun haddace maganar kakansu, har suna yi mata ita in ta dawo daga aiki tana ƙwanƙwasa ƙofa.

Goggo, ke ce mai kunnen haƙuri. Ke ce kika san cewa wanda ya zo da labari a karkace ba ƙarya yake yi ba, abin da shekaru suka bar masa ne ya kawo. Ba ki taɓa yi wa mai tambaya dariyar raini ba, ba ki taɓa cewa kin sani alhali zato kike ba. Sunanki bai taɓa fitowa a ƙarshen wani shiri ba, amma ba don ke ba da yawancin shirye-shiryen nan sun ruɓe a kan kanta.

Mun gode, uwar ɗakin kaset. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya saka miki da abin da mu ba mu iya ba. Ku kuma matasan da za ku gaji makullin nan, na san kun fi mu na'urori, kuma ana ta kwashe kaset ɗin zuwa kwamfuta. Amma na'ura sunan da aka ba ta take nema. Ku zauna ku kalli abin da kuke ajiyewa, ku koyi tambaya ba tare da kun sa wa mutum amsa a baki ba. Kafin watan nan ya ƙare, ku sauka ƙarshen baranda ku zauna kusa da ita, ku tambaye ta duk abin da za ku iya.